Makin sauƙin karatu ya faɗi bayan an mayar da takarda Hausa: me lambar take aunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a jihar Gombe. Mun rubuta takardar wayar da kan iyaye mata kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa. Ta Turanci kwamfuta ta ba ta maki 74. Da na mayar da ita Hausa sai ta ba ta 41, shugabanmu kuma ya ce kada a buga sai ta kai 60. Na yi ta datse jimloli har ni kaina na daina jin daɗin karanta ta. Hausata ce mai tsauri, ko lissafin ne da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ajiye almakashin tukuna. Wannan 41 ɗin ba ta ce komai a kan Hausarki ba, kuma zan nuna miki haka da lissafin da za ki iya maimaitawa da biro a bayan ambulan.

Abin da ya ba ki makin, ko manhajar Word ce ko wata, kusan tabbas shi ne wanda yake fitowa a allo da sunan Flesch Reading Ease. Wani mutum mai suna Rudolf Flesch, haifaffen Ostiriya da ya koma Amurka, shi ya fitar da shi a 1948. Abu uku kawai yake ƙirgawa: jimloli nawa, kalmomi nawa, gaɓoɓi nawa. Daga nan sai ya yi wannan:

```
maki = 206.835 - 1.015 × (kalmomi ÷ jimloli) - 84.6 × (gaɓoɓi ÷ kalmomi)
```

Idan makin ya yi sama, rubutu mai sauƙi ne a wurinsa. Daga 90 zuwa 100 na yara ne, 60 zuwa 70 shi ne na kowa da kowa, abin da ya gaza 30 kuma na 'yan jami'a ne. Sittin ɗin da shugabanku ya riƙe daga nan ta fito, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. A teburin Flesch, rubutun da ya faɗa tsakanin 60 da 70 yana da kamar kalma 17 a jimla, da gaɓa 147 a cikin kowace kalma ɗari. Wato kalma ɗaya ba ta kai gaɓa ɗaya da rabi ba. Ki riƙe wannan, don a nan gizo yake saƙa.

Akwai ƙaninsa da yake fitowa tare da shi, Flesch-Kincaid Grade Level, wanda J. Peter Kincaid da abokan aikinsa suka fitar a 1975 don rundunar sojan ruwan Amurka, suna son sanin ko sojoji za su iya karanta littattafan horo. Kayan haɗinsu ɗaya ne, sai dai shi yana ba da amsa da ajin makaranta na Amurka:

```
aji = 0.39 × (kalmomi ÷ jimloli) + 11.8 × (gaɓoɓi ÷ kalmomi) - 15.59
```

Waɗannan lambobi masu ɗigo, su 84.6 da 1.015, ba daga sama suka faɗo ba. Flesch ya ɗauki wasu gajerun darussan karatu na Turanci waɗanda aka riga aka gwada a kan yaran makarantun Amurka, aka san wanne ya ba su wuya, wanne bai ba su ba. Sai ya nemi lambobin da za su sa tsawon jimla da tsawon kalma su yi hasashen wannan sakamakon gwargwadon iko. Ma'aunin bai san ma'ana ba, bai san nahawu ba. Abin da ya sani shi ne a Turanci, a wancan zamani, a wurin waɗancan yara, rubutu mai dogayen kalmomi ya fi yawan zama mai wuya. Kuma a Turanci akwai dalilin hakan. Kalmominsu na cikin gida gajeru ne, dogayen kuma yawanci aro ne daga Latin da Girkanci da Faransanci, su ne na kotu da asibiti da jami'a. Kalmar da Bature yake kiran gida da ita gaɓa ɗaya ce. Haka kare, haka rana, haka hannu, haka ƙafa. Yanzu ki furta su da Hausa: gi-da, ka-re, ra-na, han-nu, ƙa-fa. Duk biyu-biyu ne. Mu sunayen abubuwa a harshenmu daga gaɓa biyu suke farawa, in ban da 'yan kaɗan irin su ɗa da kai da mai. Tun kafin ki rubuta komai mai wuya, ma'aunin ya riga ya ci ki tara.

Bari mu gwada da jimlar da ɗan aji biyu na firamare zai karanta ba tare da ya tsaya ba. Ƙirga gaɓa a Hausa ba wuya: kowane wasali gaɓa ɗaya, sai dai ai da au da ake ɗauka ɗaya.

Yarinya ta ɗauki tulu ta tafi rijiya.

Kalma bakwai ce. Gaɓoɓi kuma: yarinya uku, ta ɗaya, ɗauki biyu, tulu biyu, ta ɗaya, tafi biyu, rijiya uku. Goma sha huɗu ke nan, wato biyu cif a kowace kalma.

```
206.835 - 1.015 × 7 - 84.6 × 2 = 30.5
0.39 × 7 + 11.8 × 2 - 15.59 = 10.7
```

Maki talatin da rabi, a bakin iyakar rubutun 'yan jami'a. Ɗaya lissafin kuma ya ce sai ɗan aji na goma sha ɗaya, kamar ɗan aji biyar na sakandare a wurinmu, zai iya da yarinyar nan da tulunta. Na san ba a yi waɗannan ma'aunai don jimla ɗaya ba, ana so a ɗauki kalma ɗari ko fiye. Amma da za ki rubuta shafi guda da irin wannan jimla, amsar ba za ta yi nisa da wannan ba.

Ki lura da wanda ya fi nauyi a cikin lissafin. Tsawon jimla ana ninka shi da ɗaya da ɗan ɗoriya, gaɓoɓi kuma da tamanin da huɗu da ɗoriya. Idan matsakaicin gaɓa ya tashi daga 1.5 zuwa 1.6 kawai, kin yi asarar maki takwas da rabi, daidai da a ce kin ƙara kalma takwas a kowace jimla. Rubutun da kalmominsa suka tsaya a gaɓa biyu ba zai taɓa kaiwa 38 ba, ko da kowace jimla kalma ɗaya ce. Idan kuwa jimlolinki na kalma goma-goma ne, ba za ki ga 60 ba sai kin sauko da gaɓoɓi zuwa kamar 1.6. Abin da yake sauko da wannan lamba a Hausa shi ne ƙananan kalmomin nan, ya, ta, da, a, na, shi, ba. Su ne za su yi ta yawa a takardarki idan kika bi makin, sunayen abubuwa kuma su yi ta ɓacewa. Ga ƙarshen wannan hanya:

Ya ce ya ba shi, shi ya sa ya ƙi.

Kalma goma, gaɓa goma. Makinta 112, ta ma zarce ɗari. A wurin Flesch babu rubutu mai sauƙi kamarta. To wa ya ce? Wa ya ba wa? Me aka bayar, wa ya ƙi? Babu mai iya faɗa miki. Yarinya da tulu ta ci 30, wannan ta ci 112. Duk wanda ya ga waɗannan biyu a jere ya san ma'aunin ba sauƙin fahimta yake aunawa ba.

Mutanen wasu harsuna sun ga wannan tun da daɗewa. Shi ya sa aka sake ɗaure lambobin Flesch don Faransanci a 1958, don Sifaniyanci a 1959, don Jamusanci a 1978, don Turkanci a 1997. Kowannensu ya canja lambobin ninkawa saboda kalmomin harshensa ba tsawonsu ɗaya da na Turanci ba. Kwamfutarki kuwa lambobin Turanci ta ɗora wa Hausa. Kamar a ce an auna miki gero da mudun wani gari a kasuwar Tudun Hatsi, sannan a yi miki kuɗi da farashin tiya.

Kada ki ce to a nemo wani ma'aunin. Akwai na Robert Gunning na 1952 da yake ɗaukar kalma mai gaɓa uku ko fiye a matsayin mai wuya. A wurinsa asibiti kalma ce mai wuya, haka makaranta, haka yarinya. Akwai LIX na ƙasar Suwidin na 1968, wanda ba ya ƙirga gaɓa, haruffa yake ƙirgawa, duk kalmar da ta wuce harafi shida doguwa ce. Idan kika ba shi jimlar tulu, kalma ɗaya ce tak ta wuce shida, wato yarinya, sai ya ba ki kamar 21, wanda a sikelinsa rubutun yara ne. Jimla ɗaya, wannan ya ce ta 'yan jami'a, wancan ya ce ta yara. LIX ya yi daidai a nan, amma dace ya yi, don shi ma ba da Hausa aka ɗaure shi ba.

Duk wannan ma a ce kwamfutar ta ƙirga daidai ne, alhali ba ta yi. Na'urar ba ta jin gaɓa. Ko dai ta duba ƙamus na Turanci, ko ta ƙirga wasula da dokokin Turanci. Ɗaya daga cikin dokokin da masu ƙirgar nan da yawa suke bi shi ne a jefar da e na ƙarshen kalma, saboda a Turanci yawanci ba a furta shi. Sai kare da mace da dare su koma gaɓa ɗaya. Alhamzar da take cikin sana'a da ma'aikaci da 'ya'ya wata manhajar takan ɗauke ta a matsayin rabuwar kalma, wata ba ta ɗauka. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wasu manhajojin ba su san su ba. Ayar da kike sawa bayan taƙaitaccen laƙabi, kamar na Alhaji ko na Malam, tana iya zama ƙarshen jimla a wurinta. Jerin umarni da kika jero ƙasa-ƙasa ba aya kuma ya zama jimla ɗaya mai kalma hamsin. Shi ya sa idan kika saka takardarki a manhaja uku za ki iya samun maki uku.

Wanda ya fi damuna a cikin waɗannan shi ne na rabon kalma, saboda yana saka wa mai kuskure da alheri. Ƙa'idar rubutun Hausa ta ce a rubuta yana a haɗe. Ki duba:

Yana kuka yana amai.

Kalma huɗu, gaɓa takwas, maki kamar 34. Yanzu wani ya rubuta ta ba bisa ƙa'ida ba, ya raba: ya na kuka ya na amai. Kalma shida, gaɓa takwas ɗin dai, maki kamar 88. Magana ɗaya, furuci ɗaya, an samu ƙarin maki hamsin da huɗu saboda an karya ƙa'idar rubutu. Na yi shekaru ina gyara wannan kuskure a rubutun ɗalibai a nan Bauchi, kuma ba na so in ga ranar da ofisoshi za su fara koya wa ma'aikatansu shi don su ci sittin.

Yanzu mu zo kan datse jimloli, don shi ne ya fi haɗari a takarda irin taki. Wannan matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce, ko takardarku ta Turanci mai 74 tana iya faɗawa cikinta. Gaskiya ne doguwar jimla takan zo tare da wuya. Amma tsawon alama ce, ba shi ne ciwon ba. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san abin da ake nufi idan aka sauko da zafin jikin yaro da tsumma mai sanyi alhali zazzaɓin cizon sauron yana nan a jininsa. Ma'aunin zafi zai nuna sauƙi, yaron bai warke ba. Bari in ɗauki umarni ɗaya da na san dole yana cikin takardarki:

Idan yaro ya yi amai, ki jira minti goma sannan ki ci gaba da ba shi a hankali.

Kalma 18, gaɓa 28, jimla ɗaya. Makinta 57, ta gaza sittin ɗin shugaba da uku. Sai mai bin maki ya sa almakashi:

Yaro ya yi amai. Ki jira minti goma. Ki ci gaba da ba shi.

Kalma 14, gaɓa 20, jimla uku. Maki 81. An wuce sittin da ashirin da ɗaya, kowa ya yi murna a ofis. To me aka zubar? An zubar da idan, an zubar da sannan, an zubar da a hankali. Idan ita ce take gaya wa uwa cewa jiran minti goma ba kullum ba ne, sai in an yi amai. Ba tare da ita ba, jimlar farko ta zama labari, kamar ana sanar da ita yaro ya yi amai, kuma wata za ta iya fahimtar cewa duk kurɓa ɗaya sai an jira minti goma. Yaron da yake zubar da ruwa ta ƙasa ba zai samu abin da ya ishe shi ba a haka. Sannan ita ce take jera ayyukan, wannan kafin wancan. A hankali kuwa ita ce maganin aman ma baki ɗaya, don ɗura wa yaro kofi guda a tashi ɗaya shi yake dawo da shi. Kalmar hankali gaɓa uku ce, don haka ita ma'aunin ya fi so a cire. Mafi amfanin kalma a jimlar ita ce mafi tsada a lissafin.

Waɗannan ƙananan mahaɗai, idan, saboda, amma, sai dai, kafin, bayan, har sai, su ne suke ɗauke wa mai karatu aikin haɗa magana. Idan kika cire su, dangantakar da ke tsakanin jimlolin ba ta tafi ko'ina ba, kin dai bar wa mai karatu ya ƙulla ta da kansa. Wanda ya ƙware a karatu zai ƙulla. Wadda ta tsaya a aji huɗu na firamare, wadda don ita aka rubuta takardar, ita ce za ta ƙulla ba daidai ba. Datsewar ta fi cutar da wanda aka ce ana taimaka wa.

Ma'aunin ma bai san jerin kalmomi ba. Ki ɗauki jimlar tulu ki hargitsa ta: tulu rijiya ta yarinya tafi ɗauki ta. Makinta talatin da rabi, daidai da na farko. Haka idan kika juya takardarki gaba ɗaya, umarni na ƙarshe ya koma farko, a ce a ba yaro kafin a ce a wanke hannu, makin ba zai motsa ba.

Akwai kuma wuyar da take zaune a cikin gajerun kalmomi, wadda babu lissafin tsawo da zai gan ta. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar garin da za ki rubuta a takardarki tana iya zama garin magani, tana iya zama garin da mutum yake zaune, tana iya zama garin gudu ya faɗi. Mai karatu yana gane wanne ne daga maganar da ta kewaye ta. Duk lokacin da kika rage jimla kin rage masa wannan abin dafawa. Idan kuma madaba'a ta cinye lanƙwasar haruffa, kamar yadda ake yawan yi, baƙi da baki sun zama ɗaya. Wannan kaɗai ya fi maki ashirin tasiri a kan mai karatu, don haka ki duba samfurin bugu da idonki kafin a buga da yawa.

Sai kalmar da na tabbata tana cikin takardar kuma ma'aunin yana son ta: lita. Gaɓa biyu, harafi huɗu, ba ta da laifi a lissafi. Amma ita ce kalma mafi wuya a shafin. Uwa tana iya furta ta sarai ba tare da ta san ruwa nawa ne ba, don da kofi da moɗa da kwano take awo a gidanta. Idan ta zuba leda guda ta garin gishiri da sukari a rabin lita, ruwan ya yi gishiri fiye da kima, kuma kin fi ni sanin abin da hakan yake yi wa ƙaramin yaro. Gyaran shi ne ki ƙara kalmomi: lita ɗaya, wato ruwan leda biyu irin mai rabin lita. Jimla ta yi tsawo, maki ya ɗan sauka, yaro ya samu daidai. A ɗaya gefen, asibiti gaɓa huɗu ce kuma babu tsohuwar da ba ta san ta ba. Abin da yake sa kalma sauƙi shi ne sabo. Edgar Dale da Jeanne Chall sun gane haka tun a 1948, shi ya sa nasu ma'aunin ya dogara da jerin kalmomi kusan 3,000 da yaran aji huɗu a Amurka suka sani, duk wadda ba ta ciki ita ce mai wuya. Wannan tunani ya fi kusa da gaskiya, sai dai jerin na Turanci ne. Sabo kuma ya danganta da wuri. A jiharku da yawa daga masu karanta takardar Hausa ba ita ce harshen da suka tsotsa ba, akwai Fulani, akwai Tera, Tangale, Waja, Bolawa. Wata gudawa ta sani, wata zawo take cewa. Wace za ki sa, ko ki sa duka biyun a karon farko, wannan matan da suke zuwa awo ne za su gaya miki.

Ban ce ki jefar da ƙirga gaba ɗaya ba. Rabin lissafin da ya shafi tsawon jimla yana da amfani idan kika raba shi da sauran. Ki bi takardar ki ƙirga kalmomin kowace jimla, ki ja layi a ƙarƙashin duk wadda ta kai ashirin da biyar ko talatin, ki sake karanta ta da babbar murya. Idan numfashinki ya ƙare kafin aya, ko kika tarar da umarni uku a cikinta, ki raba ta, amma ki raba a inda aiki ɗaya ya ƙare wani ya fara, kuma ki bar mahaɗan a wurinsu. Idan kuwa sharaɗi ne da sakamakonsa, irin jimlar amai, ki ƙyale ta ko ta kai ashirin. Lambar tana nuna miki inda za ki duba. Hukuncin naki ne.

Idan ofis yana son lamba dole, akwai gwajin da ya fi wannan gaskiya, saboda mutane yake aunawa. Wilson Taylor ne ya fito da shi a 1953. Za ki ɗauki rubutu mai kamar kalma 250, ki bar jimlar farko yadda take, daga nan ki goge kowace kalma ta biyar ki bar gurbi, har ki samu gurbi kamar hamsin. Sai ki ba irin mutanen da aka rubuta dominsu su cike. A binciken da aka yi da Turanci, wanda ya cike kashi 60 cikin ɗari daidai yana iya karanta rubutun shi kaɗai, tsakanin 40 da 60 yana bukatar mai taimako, ƙasa da 40 ya fi ƙarfinsa. Waɗannan iyakoki ma na Turanci ne, kuma a Hausa gurabe da yawa za su faɗa kan ya da ta da na, masu sauƙin cikewa, don haka makin zai iya ɗan kumbura. Amfaninsa a wurinki shi ne kwatanta: ki yi wa takardarki ta asali, ki yi wa datsattsiyar, ki raba wa rukuni biyu masu kama da juna, ki ga wadda aka fi cikewa. Matsalarsa ɗaya, yana kama da jarrabawa, kuma matar da ta daɗe da barin makaranta tana iya jin kunyar biro.

Shi ya sa ga takarda irin taki na fi son gwajin aiki. Ranar awo ko ranar rigakafi, ki nemi mata biyar zuwa takwas, ba ma'aikata ba, ba kuma waɗanda suka fi kowa boko ba. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, don idan suna tare za su kwaikwayi ta farko. Ki ajiye ledar garin, da ruwa a bokiti mai murfi, da kofuna da kwanuka iri-iri, da ruwan leda, da cokali. Ki ce mata takardar ake gwadawa, ba ita ba, ki miƙa mata, ki ce ta haɗa kamar yadda aka rubuta. Daga nan ki yi shiru, wannan shi ne mafi wuya a aikin. Ki kalli inda idonta ya koma baya, inda ta tsaya, abin da ta ɗauka ta auna ruwa. Bayan ta gama ki yi mata tambaya uku da bakinki: in ya yi amai me za ki yi, in ruwan ya kwana ya kai gobe war haka me za ki yi da shi, wace alama za ki gani ki kawo shi asibiti ba jira. Kada ki tambaye ta ko ta gane, don kunya da ladabi za su sa ta ce ta gane. Idan mata biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, laifin jimlar ne, ki gyara ta ki sake gwadawa da wasu matan.

Na taɓa zama a irin wannan gwaji da wata takarda da wata ƙungiya ta kawo mini in duba Hausarta, ni kuma na sa hannu na ce ta yi. An rubuta a zubar da abin da ya rage bayan awa ashirin da huɗu. Jimla gajera, ba kuskuren nahawu. Matar farko da aka tambaya ta ce ita ba ta da agogo, ta biyu ta ce in dare ya yi ke nan. Da muka mayar da ita idan kin haɗa da safe, gobe da safe ki zubar da ragowar ki haɗa sabo, ba wadda ta sake tsayawa. Jimlar ta ƙara tsawo. Ni da nake taƙama da sanin ƙa'idar rubutu ban hango wannan ba sai da na ga fuskokinsu, kuma tun daga ranar ba na sa hannu a takardar jama'a sai an kai ta gaban masu ita.

Ki kuma tuna da yawa daga iyayen nan ba su za su karanta ba, ɗa ko ƙanwa ko maƙwabciya ce za ta karanta musu. Don haka a cikin matan da za ki gwada, ki sa biyu da za a karanta musu da baki, ki ga ko umarnin yana zama a kunne. A nan ne datsattsun jimloli suka fi faɗuwa, don kunne ba ya ganin aya, idan da sannan yake jira.

Game da shugabanku, kada ki je masa da gardamar lissafi. Niyyarsa mai kyau ce, so yake talaka ya gane, kuma dokar sittin ɗin tana da ɗan amfani a takardar Turanci. Ki rubuta masa jimloli biyun nan a takarda ɗaya, ta yarinya da tulu da makinta 30, da ta ya ce ya ba shi da makinta 112, ki roƙe shi ya zaɓi wadda ya fi ganewa. Sannan ki nemi izinin gwada takardarki ta asali, wadda ba ki datse ba, a ranar awo mai zuwa, ki kawo masa sakamakon a rubuce: mata nawa aka gwada, nawa suka haɗa daidai, a wace jimla aka tsaya, me aka canja. In ya samu sarari ya zo ya zauna a gefe ya kalli ko mata biyu suna haɗawa, ya fi.